Dogon rubutu a akwatin Excel: tambayoyi da amsoshi kan naɗewa, tsayin layi, jeri da karkatarwa

Duk ƙarshen zangon karatu, malaman aji da jami'an jarrabawa da masu shagon kwamfuta sukan dawo da tambayoyi kusan iri ɗaya: suna ya guntule, sharhin malami ya ɓace rabi, kanun darussa sun cinye faɗin takarda. An tattara su a nan, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan zurfi. Misalin da za a riƙa komawa kansa shi ne babbar takardar sakamako ta aji mai ɗalibai 45 da darussa 12, amma abin da aka faɗa ya shafi jerin kayan sito da takardar albashi da makamantansu. Layi a nan shi ne na kwance mai lamba a gefe, kolum shi ne na tsaye mai harafi a sama, sadara kuma ita ce jerin rubutu ɗaya a cikin akwati.

Me ya sa wani lokaci rubutu yakan tsallaka cikin akwatin kusa, wani lokaci kuma ya guntule?

Excel yana barin dogon rubutu ya zarce zuwa akwatin da ke damansa matuƙar babu komai a cikinsa. Da zarar ka sa wani abu a can, ko da lamba ɗaya ce, sai rubutun ya tsaya a bakin iyakarsa. Shi ya sa sunan ɗaliba kamar mai kalma huɗu yake fitowa cikakke lokacin da kake shigar da sunaye, amma ranar da aka zuba makin Turanci a kolum na gaba sai a ga ƙarshen sunan ya tafi.

Babu abin da ya goge. Danna akwatin ka duba sandar fomula da ke sama, za ka ga rubutun yana nan yadda ka shigar da shi. Idan kuma akwatin kusa yana kama da fanko amma duk da haka rubutu ya ƙi tsallakawa, to akwai abu a ciki da ido ba ya gani: ko tazara ɗaya da wani ya buga, ko fomula da ke mayar da `""`.

Mene ne aikin Wrap Text, kuma a ina yake?

Wrap Text yana hana rubutu zarcewa gefe. Idan sadara ta kai bakin akwati, sauran kalmomin su sauko ƙasa, layin kuma ya ƙara tsayi don ya ɗauke su. Zaɓi akwatunan, ka je Home, a rukunin Alignment ka danna Wrap Text. Da kibod kuma ka danna `Alt`, sannan `H`, sannan `W`, ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta uku ita ce `Ctrl+1`, wadda ke buɗe Format Cells. A shafin Alignment akwai wurin sa alama a Wrap text, kuma a wannan shafin ne kusan duk abin da za mu tattauna yake.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, faɗin kolum ne ke yanke inda sadara za ta karye. Wrap Text ba ya taɓa faɗi, tsayi kawai yake nema. Saboda haka kada ka fara da shi. Duba tambaya ta gaba.

Da me zan fara, faɗin kolum ko naɗe rubutu?

Da faɗin kolum. Sabon shafi yana zuwa da faɗin 8.43, wato kimanin lambobi takwas a salon rubutun da aka saba. Idan ka kunna Wrap Text a kan wannan faɗin, sharhi kamar "Tana da ƙoƙari, amma ta ƙara kula da Lissafi" zai karye zuwa sadara biyar ko shida, layin ya yi tsayi kusan awo 90, wato inci ɗaya da kwata, makin ɗalibar kuma su zauna can ƙasa su kaɗai. Wannan sharhin a faɗin 28 sadara biyu ne kacal.

Danna dama a kan harafin kolum, ka zaɓi Column Width, ka rubuta lambar da kanka. Ga sunayen mutane 24 zuwa 28 yakan wadatar, ga sharhi ko bayanin kaya 28 zuwa 40. Ni ban cika son a danna sau biyu a bakin kolum don ya daidaita kansa ba idan rubutun jimloli ne, domin jimla ɗaya mafi tsawo ita za ta ja kolum ɗin gaba ɗaya. Idan kuma an riga an kunna Wrap Text, danna sau biyun ba zai warware sadarorin ya mayar da su ɗaya ba. Sai dai ka ja bakin da hannu ko ka rubuta lamba.

Na danna Wrap Text amma layin bai buɗe ba, sadara ɗaya kawai nake gani. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an taɓa sa wa layin tsayi da hannu. Layi a Excel yana da hali biyu. A halinsa na asali yana bin abin da ke cikinsa, ya ƙaru ya ragu da kansa. Amma ranar da wani ya ja bakinsa da maus, ko ya rubuta lamba a Row Height, daga nan layin ya kafe a kan wannan awon, kuma babu wata alama a allo da za ta gaya maka hakan. Fayil ɗin da ya bi hannun malamai uku da wuya a rasa irin waɗannan layuka a ciki.

Maganin shi ne a mayar da layin halinsa na asali. Zaɓi layukan ta lambobinsu na gefe, ka je Home, Format, AutoFit Row Height. Ko ka kai maus bakin ƙasa na ɗaya daga cikin lambobin da ka zaɓa, ka danna sau biyu a jere. Da kibod: `Alt`, `H`, `O`, `A`. Nan take za ka ga layuka masu sharhi sun buɗe, kuma daga yanzu za su ci gaba da bin rubutunsu.

Idan ka yi haka layin bai motsa ba, duba abu biyu. Na farko, ko akwatin haɗaɗɗe ne; wannan yana da amsarsa a ƙasa. Na biyu, ko an kulle shafin da Protect Sheet, domin idan mai kullewar bai ba da izinin Format rows ba, umarnin ba zai dannu ba sam.

Me ya sa akwatin da na haɗa da Merge & Center ya ƙi daidaita tsayinsa?

Domin AutoFit Row Height ba ya lissafi da haɗaɗɗun akwatuna. Ka haɗa B50 zuwa H50 ka rubuta sharhin shugaban makaranta mai sadara uku, ka kunna Wrap Text, ka danna AutoFit sau goma: layin zai tsaya a tsayin sadara ɗaya. Ba kuskurenka ba ne, haka manhajar take.

Akwai mafita biyu. Mai sauƙin ita ce ka sa tsayin da hannu. A salon Calibri mai girman 11, kowace sadara tana cin kimanin awo 15, awo ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Sadara uku 45 ke nan, ka ƙara 3 ko 4 don sarari. Matsalarta ita ce duk lokacin da rubutun ya canza sai ka sake. Ta biyun dabara ce ga takardar da ake sake amfani da ita kowane zango: ka nemi kolum ɗaya can gefe, wajen yankin da ake bugawa, ka ba shi faɗin da ya kai jimillar faɗin kolum ɗin da ka haɗa, a layin nan ka rubuta `=B50`, ka ba shi salo da girman rubutu iri ɗaya, ka kunna masa Wrap Text. Wannan akwatin ba haɗaɗɗe ba ne, don haka AutoFit zai auna shi, layin ya buɗe, haɗaɗɗen ya amfana.

Amma shawarata ita ce a guji haɗa akwatuna a cikin jikin bayanai gaba ɗaya. Idan ka haɗa akwatuna masu rubutu, na sama ta hagu kawai ke tsira, sauran su goge. Kuma ranar da ka so jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe da Sort, Excel zai ƙi, ya ce sai duk haɗaɗɗun akwatunan sun zama girma ɗaya.

To yaya zan sa sunan makaranta a tsakiyar takarda ba tare da haɗa akwatuna ba?

Rubuta sunan a A1. Zaɓi daga A1 zuwa kolum na ƙarshe na teburin, ka danna `Ctrl+1`, a Horizontal ka zaɓi Center Across Selection. A ido daidai yake da Merge & Center, amma kowane akwati yana nan da kansa. Sharaɗin kawai shi ne sauran akwatunan layin su zama fanko. A kwance kaɗai yake aiki, babu irinsa na tsaye, kuma ya fi dacewa da kan takarda mai sadara ɗaya.

Mene ne bambancin Wrap Text da Alt+Enter?

Wrap Text yana karya sadara inda faɗi ya ƙare, kuma wurin karyewar yana sauyawa idan faɗin ya sauya. `Alt+Enter` kuwa kai ne ke cewa a karya a nan, kuma a nan zai zauna komai faɗin kolum. Yana da amfani a kan kolum kamar "Gwaji na 1" a sama, "Maki 20" a ƙasa. Kana cikin rubutu a akwatin za ka danna shi, Excel kuma zai kunna Wrap Text da kansa. Idan daga baya wani ya kashe Wrap Text, sadarorin biyu za su manne a jere kamar babu komai tsakaninsu, alhali alamar karyewar tana nan.

Wannan ɓoyayyiyar alamar ita ce haɗarinsa. Harafi ce kamar kowane harafi. Idan ka karya sunan ɗalibi da `Alt+Enter` a wannan shafin, a wancan kuma an rubuta shi da tazara, VLOOKUP ba zai ɗauke su suna ɗaya ba, sai ka ga `#N/A` alhali idonka na gaya maka sunayen daidai suke. Saboda haka a bar shi ga kanu da dogon bayani, kada a sa shi a suna, lambar rajista ko duk abin da fomula za ta nema. Don cire waɗanda suka riga suka shiga, danna `Ctrl+H`, a Find what ka danna `Ctrl+J` (ba za ka ga komai ba sai ɗan ɗigo), a Replace with ka buga tazara ɗaya, sannan Replace All. Ko ka yi da fomula:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(B4,CHAR(10)," "))
```

Rubutun nawa daga fomula yake fitowa. Yaya zan karya sadara, kuma me ya sa tsayin ba ya bin sa?

A cikin fomula, `CHAR(10)` ne ke tsayawa a madadin `Alt+Enter`. Idan kana son suna a sama, lambar rajista a ƙasa:

```
=B4&CHAR(10)&C4
```

A nan Excel ba zai kunna maka Wrap Text ba, sai ka kunna da kanka, in ba haka ba su fito a manne. Game da tsayi kuwa, layi yakan sake auna kansa ne idan an yi gyara a cikinsa. Idan fomula ce ta sake lissafi ta kawo sharhi mafi tsawo, misali ka canza lambar ɗalibi a katin sakamako sharhinsa ya sauya, sau da yawa layin yakan tsaya yadda yake. Ga irin wannan katin, gara ka nemo sharhi mafi tsawo a cikin ajin, ka sa tsayin da zai ɗauke shi da hannu, ka bar shi haka. Wannan yana cikin wurare kaɗan da tsayin hannu ya fi.

Layin ya buɗe, amma suna da maki sun zauna a ƙasa, sharhi ya cika sama. Yaya zan gyara?

Excel yana ajiye komai a gindin akwati sai in ka ce masa ba haka ba. Muddin layuka sadara ɗaya ne ba a lura. Da zarar sharhi ya kai sadara uku, sai suna ya koma daidai da sadarar ƙarshe ta sharhin, mai karatu kuma ya rasa inda bayanin ɗalibi ɗaya ya ƙare na gaba ya fara.

Zaɓi duk jikin teburin, ba kolum na sharhi kaɗai ba, ka danna Top Align ko Middle Align a Home. Idan sharhin ba ya wuce sadara biyu, Middle Align ya fi kyau a ido. Idan yana kai uku zuwa sama, Top Align ya fi, domin ido yana fara karatu daga sama, sai ya tarar da suna da maki da farkon sharhi a sadara ɗaya. Layin kanu shi kaɗai nake bari a Bottom Align, don kowane kai ya zauna dab da lambobin da yake magana a kansu. Abin da ba shi da kyau shi ne a gauraya, wannan kolum a sama, wancan a tsakiya.

Hagu, dama ko tsakiya: wanne ya dace da wane irin bayani?

Rubutu a hagu, lambobi a dama, kan kolum kuma ya bi abin da ke ƙarƙashinsa. Lambobi suna son dama ne don ɗaya-ɗaya su hau kan ɗaya-ɗaya, goma-goma kan goma-goma. 9 da 87 da 100 idan aka sa su a tsakiya ba a gane babba da kallo ɗaya. Gajerun abubuwa masu tsawo ɗaya, kamar A, B, C na daraja, su ne suka dace da tsakiya. Dogon rubutu da aka naɗe kada a sa shi a tsakiya, domin kowace sadara za ta fara a wuri dabam.

Akwai wata fa'ida a barin kolum na maki a General har a gama shigar da su. A wannan halin Excel da kansa yake tura lamba dama, rubutu hagu. Idan ka ga 65 ta maƙale a hagu a tsakiyar 'yan'uwanta, to a matsayin rubutu ta shiga, kuma SUM zai tsallake ta, jimillar ɗalibin ta ragu ba tare da kowa ya sani ba. Wanda ya sa komai a tsakiya tun farko ya rufe wa kansa wannan alamar. Idan kuma suna ya manne da zanen iyaka, kada ka tura shi da tazara. Yi amfani da Increase Indent, wanda ke matsar da duk sadarorin tare ba tare da ƙara komai cikin rubutun ba.

Akwatin yana nuna ##### kuma Wrap Text bai gyara ba.

Wrap Text ba ya karya lamba ko kwanan wata. Excel ya gwammace ya nuna ##### da ya nuna maka rabin lamba ka ɗauka ita ce duka. Ƙara faɗin kolum, ko ka rage lambobin bayan ɗigo: matsakaicin maki 67.42 ya ishi kowa. Idan ka faɗaɗa sosai alamar ba ta tafi ba, duba ko fomular tana fitar da kwanan wata ko lokaci da ya yi ƙasa da sifili.

Yaushe ya kamata a karkatar da rubutu?

Idan kai dogo ne, abin da ke ƙarƙashinsa gajere, kuma irin waɗannan kolum suna da yawa a jere. Takardar sakamako ita ce misali mafi kyau: "Nazarin Addinin Musulunci" harafi ashirin da wani abu ne, makin da ke ƙasansa bai wuce lamba uku ba. Rajistar halarta mai kwanakin wata ma haka take.

Kafin ka karkatar, gwada abu biyu. Ko kan zai gajarce ba tare da ma'ana ta ɓata ba? "Ilimin Aikin Gona" zai iya zama "Aikin Gona". Ko naɗewa zuwa sadara biyu a faɗin 10 zai isa? Idan kolum ɗin huɗu ne ko biyar, naɗewa ta fi, domin rubutun kwance ya fi saurin karantuwa. Karkatarwa ta kanu ce kawai. Suna, sharhi da maki ba a karkatar da su.

Tsakanin 45, 90 da Vertical Text, wanne zan zaɓa?

A Home akwai maɓallin Orientation mai hoton harufa a karkace. Angle Counterclockwise yana ba da digiri 45 zuwa sama, Angle Clockwise 45 zuwa ƙasa, Rotate Text Up yana miƙar da rubutun tsaye a karanta daga ƙasa zuwa sama, Rotate Text Down akasin haka. A Format Cells kuma za ka iya rubuta kowace lamba daga -90 zuwa 90.

Ga takardar da za a buga, Rotate Text Up na fi zaɓa. Kowane kai yana zaune daidai saman kolum ɗinsa, babu shakkar wane maki na wane darasi ne. Sa shi Center a kwance, Bottom a tsaye, don duk sunayen darussa su tashi daga wuri ɗaya. Digiri 45 ya fi sauƙi a wuya, ba sai an karkata kai ba, amma rubutun yana jingina ya shiga saman kolum na gaba, na ƙarshe kuma ya leƙa wajen teburin. Idan za ka yi amfani da shi, sa wa kanun zanen iyaka, domin zanen gefe yana karkata tare da rubutun ya nuna wa ido hanya.

Vertical Text yana jera harufa ɗaya bisa ɗaya kamar an ɗora kwanuka. Ga kalma mai harafi uku ko huɗu babu laifi. Ga sunan darasi kuwa, kowane harafi zai ci tsayin sadara guda, harafi 20 ya zama kimanin awo 300, kuma babu mai karanta shi sai da haɗa baƙi.

Za a iya nuna yadda ake tsara takardar ɗalibai 45 da darussa 12 daga farko zuwa ƙarshe?

A ce layi na 1 sunan makaranta ne, na 2 aji da zango, na 3 kanu, ɗalibai daga na 4 zuwa na 48. Fara da faɗi: A na lambar jeri 4, B na suna 26, C zuwa N na darussa 5 kowanne, O da P da Q na jimilla, matsakaici da matsayi 6 kowanne, R na sharhi 28. Jimilla 136. Takardar A4 a kwance, da Margins a Narrow, tana ɗaukar wannan ba tare da an ƙanƙance rubutu ba. Da an bar kowane darasi a faɗin sunansa, a ce 18, jimillar za ta haura 290, kuma kafin ta shiga shafi ɗaya sai an rage ta zuwa kusan rabi, rubutu mai girman 11 ya koma ƙasa da 6.

Sai kanu. Zaɓi C3 zuwa Q3, Rotate Text Up, Center, Bottom Align. Idan ka bar "Nazarin Addinin Musulunci" a cike, layi na 3 zai buƙaci kimanin awo 125. Sa shi da hannu ka duba mafi tsawon ya fito duka. A3, B3 da R3 su zauna a kwance. Layi na 1 da na 2 su sami Center Across Selection daga A zuwa R. Daga nan zaɓi B4 zuwa B48 da R4 zuwa R48 ka kunna Wrap Text, zaɓi A4 zuwa R48 ka sa Middle Align, sannan a ƙarshe ka zaɓi layuka 4 zuwa 48 kaɗai ka yi AutoFit Row Height. Kada ka zaɓi shafin gaba ɗaya da `Ctrl+A` a wannan matakin, domin zai warware tsayin da ka sa wa kanu.

Yanzu lissafin takarda, wanda mai biyan kuɗin bugawa zai so ya sani. Tsayin da ake iya bugawa a A4 kwance bai kai awo 490 ba. Idan kowane ɗalibi yana da sharhin sadara biyu, layinsa 30 ne, kanu suna maimaituwa a kowane shafi suna cin 125, sai shafi ya ɗauki ɗalibai 10 zuwa 12, ajin ya ci shafi huɗu. Idan sharhin ya tsaya a sadara ɗaya, ajin zai shiga shafi biyu ko da 'yar ragowa. Gajarta sunayen darussa har kanu su sauko zuwa 80 yana ƙara wurin ɗalibai uku masu sadara ɗaya a kowane shafi. Maimaita kanun kuwa a Page Layout, Print Titles, Rows to repeat at top ake yinsa, ka sa `$3:$3`.

Shrink to fit ba zai maye gurbin duk wannan ba?

A'a. Yana ƙanƙance rubutun akwati har ya shiga faɗinsa a sadara ɗaya, kuma ba shi da iyakar ƙanƙanta. Ga suna ɗaya ko biyu da suka zarce da harafi uku yana da amfani, musamman a katin da tsayinsa ba zai canza ba. Ga sharhi kuwa zai mayar da shi abin da ba ya karantuwa. Ba ya aiki tare da Wrap Text: idan ka sa alama a wancan, wannan zai dushe ya ƙi dannuwa.

A allo komai ya fito, amma da aka buga sadarar ƙarshe ta yanke. Me ya jawo?

Yadda allo ke auna faɗin harufa da yadda firinta ke aunawa ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba. Sharhin da ya cika sadara biyu dam a allo, a takarda kalmarsa ta ƙarshe tana iya saukowa sadara ta uku, layin kuma ba shi da wurinta. Akasin haka ma yana faruwa, AutoFit ya bar sadara fanko a ƙasa. Abin ya fi tsanani idan Zoom ba a 100% yake ba lokacin da ka daidaita, ko kuma an kai fayil ɗin shagon da kwamfutarsa ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi, ta musanya da wani mafi faɗi. Harufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, idan salon da ka zaɓa ba shi da su, daga wani salon ake aro su, wannan ma yana ɗan taɓa awon.

Mayar da Zoom 100%, ka sake AutoFit, ka duba `Ctrl+P` shafi-shafi, kana neman layukan da sharhinsu ya ƙare ba a kan cikar magana ba. Inda ka gani, ƙara wa kolum ɗin faɗi da 1 ko 2 ka sake AutoFit; wannan ya fi bin layuka ɗaya-ɗaya. Idan a waje za a buga, mayar da shi PDF a kwamfutarka, ka karanta PDF ɗin, shi za ka kai. Kuma duk lokacin da ka yi Sort, sake AutoFit, domin tsayin da aka sa da hannu ba ya tafiya tare da ɗalibin, yana zama a lambar layin.

Akwai iyakar tsayin layi? Ina da bayani mai tsawo sosai a akwati ɗaya.

Akwai. Layi ba ya wuce awo 409, wato kimanin sadara 27 a girman 11, kolum kuma ba ya wuce faɗin 255. Akwatin kansa yana ɗaukar harufa har 32,767, don haka yana iya riƙe abin da ba zai iya nunawa ba. Tun kafin a kai can ma, layin da ya cika allo yana wahalar da mai dubawa. Raba bayanin zuwa layuka, ko ka bar taƙaitawa a teburin, cikakken ya koma wani shafi.

Idan kuma so kake layuka su zama tsayi ɗaya, dogon bayanin ya ɓuya sai an danna, kunna Wrap Text, sa Top Align, sannan ka kafe tsayin a 15 da hannu. Sadarar farko za ta fito, rubutun kuma ba zai tsallaka gefe ba.

Makarantarmu Islamiyya ce, wasu kanun da Larabci suke. Akwai abin lura?

Excel yana gane rubutun Larabci ya fara shi daga dama da kansa. Matsala takan taso ne idan aka gauraya Larabci da boko ko lambobi a akwati ɗaya, sai jerin kalmomin ya rikice. A `Ctrl+1`, shafin Alignment, akwai Text direction. Sauya shi daga Context zuwa Right-to-Left ga waɗannan akwatunan. Kada a yi wa Larabci ko ajami Vertical Text, domin harufan a haɗe ake rubuta su. Rubutu mai wasali yana son ƙarin tsayi, don haka a duba saman sadara da ƙasanta a `Ctrl+P` kafin a buga.

A Google Sheets ko LibreOffice fa? Kuma me ya sa tsarin ya ɓace bayan na ajiye fayil?

A Google Sheets, Format, Wrapping yana ba da zaɓi uku: Overflow, Wrap da Clip. Clip yana yanke rubutu a bakin akwati ko da na kusa fanko ne, abin da Excel ba shi da maɓallinsa kai tsaye. Karkatarwa tana Format, Rotation, tsayi kuma danna dama a lambar layi, Resize row, Fit to data. A LibreOffice Calc sunan shi ne Wrap text automatically a shafin Alignment, daidaita tsayi kuma Optimal Height, karya sadara da hannu `Ctrl+Enter`. Fayil ɗin da ya ratsa tsakanin waɗannan manhajoji ko ya bi ta waya yakan riƙe naɗewa da karkatarwa, amma wurin karyewar sadara yana iya motsawa, don haka a sake daidaita tsayi a manhajar da za a buga daga cikinta.

Idan kuwa ka buɗe fayil ka tarar faɗi, tsayi, naɗewa da karkatarwa duk sun tafi, duba ƙarshen sunansa. `.csv` rubutu da lambobi zalla yake ajiyewa, shafi ɗaya kawai, ba ya riƙe tsari ko kaɗan. Jerin sunayen da aka sauko da shi daga wata manhaja sau da yawa a haka yake zuwa. Kafin ka fara gyara shi, yi Save As ka zaɓi Excel Workbook, sunan ya ƙare da `.xlsx`.